Yadda manaja zai rubuta wa ma'aikatansa sanarwar "ku kawo mana mutum", da ƙa'idar tukwici

Farkon lokacin da na yi wannan abu, layi biyu kawai na tura a guruf ɗin ma'aikata na WhatsApp, na ce muna neman sitokifa, duk wanda ya kawo mana wanda muka ɗauka akwai tukwicinsa. Kafin la'asar mutum goma sha ɗaya sun turo min suna, wani ƙanin matarsa, wani ɗan maƙwabcinsa da ya gama sakandare, wani ma lambar waya kawai ya turo ya ce in kira yaron kirki ne. Da muka ɗauki mutum ɗaya kuma sai ga mutum biyu a ofishina kowa na cewa shi ya kawo shi. Laifina ne, don ban rubuta komai ba. To tun daga nan na koyi cewa duk rigimar da za a yi bayan wata uku, a cikin sanarwar nan ake kashe ta tun ranar farko. Bari in bi da ku yadda nake yi yanzu, zan yi misali da kamfanin rarraba kayan masarufi mai sito a Sharaɗa cikin Kano da ke neman sitokifa guda ɗaya, lambobin kuɗin duk na misali ne, kowa ya sa nasa.

Mataki na farko, kar ka rubuta komai sai ka samu amincewa a rubuce

Kafin ka taɓa waya, je wajen mai kamfani ko wanda ke sa hannu a kuɗi, ku tsayar da abu uku: albashin aikin, nawa ne tukwicin, da kuma daga wane asusu zai fita. Ya sa hannu ko aƙalla ya amsa maka da saƙo wanda za ka ajiye. Dalili kuwa tukwicin nan ba ranar ake biya ba, sai bayan watanni, kuma a lokacin oga ya manta, akanta zai ce shi ba a faɗa masa ba, kai kuma da ka yi alkawari a gaban mutum arba'in kai za a riƙa kallo. Ka tambayi akanta tun yanzu ko zai iya saka shi cikin takardar albashi, za mu zo kan dalilin.

Mataki na biyu, bayanin aikin

Nan yawancinmu ke yin kasala. "Muna neman sitokifa mai gaskiya da riƙon amana" ba bayani ba ne, kowa a wajen ɗan uwansa mai gaskiya ne. Ka tuna masu karanta saƙon nan ba ƙwararrun ɗaukar ma'aikata ba ne, direbobi ne da kashiya da masu lodi da 'yan talla, abin da kake so shi ne idan mutum ya karanta, fuskar wani takamaimai ta faɗo masa a rai, ko kuma ya gane cewa wanda yake tunani bai dace ba ya haƙura tun kafin ya turo.

Don haka ka faɗi abin da mutumin zai riƙa yi daga safe zuwa yamma. Yana karɓar kaya idan mota ta iso, ya ƙirga katan-katan ya gwada da abin da ke jikin wayabil kafin ya sa hannu, yana fitar da kaya da takarda kawai, yana shigar da shige da fice a Excel kullum kafin ya tashi, ƙarshen wata kuma a yi ƙirgen sito da shi. Sannan ka faɗi ɓangaren da ba daɗi, wannan shi ne mutane ke ɓoyewa kuma shi ke sa sabon ma'aikaci ya gudu a sati na uku: ana aiki ranar Asabar, tirela kan iso bayan magariba a tsaya sai an sauke, sito akwai zafi a watan Afrilu. Wanda ya ji wannan ya ce ya yarda, shi kake nema.

Sai ka raba sharuɗɗa gida biyu, na dole da na "in an samu". Na dole kar su wuce uku ko huɗu. A misalinmu: takardar ND ko sama da haka, ya taɓa riƙe sito aƙalla shekara biyu a wurin da za mu iya kira mu tambaya, kuma ya iya Excel da hannunsa. Idan mai digiri ne ko HND ka rubuta ko kana buƙatar takardar NYSC ko ta yafewa, don kar a kawo maka wanda zai tafi bautar ƙasa bayan wata biyu. Sauran, irin su zama kusa da Sharaɗa ko sanin wata manhajar sito, ka sa su a na biyu. In ka jera sharaɗi goma sha biyu duk ka ce dole ne, mutane za su gane ba da gaske kake ba, sai su watsar da duka.

Albashi kuma ni ra'ayina a rubuta shi. Na san wasu manajoji ba sa so, wai kar tsofaffin ma'aikata su gani su fara lissafi. Amma ai za su ji ko ka rubuta ko ba ka rubuta ba, kuma ma'aikacinka ba zai iya zuwa ya ce wa wani ya bar inda yake ba alhali bai san nawa za a ba shi ba. Ka ba da tazara, a ce naira dubu 140 zuwa dubu 170 gwargwadon ƙwarewa, ka kuma faɗi cewa wannan kafin a cire haraji da fansho ne. A dokar fansho ta 2014 ana cire kashi 8 daga ɓangaren ma'aikaci, kamfani ya sa kashi 10, to wanda aka ce masa dubu 150 ya ga alat bai kai haka ba, wanda ya kawo shi zai fara kira.

Mataki na uku, ƙa'idar tukwici, nan ne aikin yake

Tambayoyi huɗu ne, in ka bar ɗaya ba amsa ita ce za ta dawo maka.

Ta farko, nawa ne kuma yaushe. Kar ka ce "tukwici mai tsoka", ka rubuta lamba. Mu ce dubu 60. Kuma kar ka biya duka ranar da mutum ya fara aiki, don in ka yi haka kana biyan kuɗin kawo mutum ne kawai ko ya dace ko bai dace ba, kar kuma ka ja shi har shekara, mutane za su ɗauka yaudara ce. Ni raba shi nake yi: dubu 20 bayan sabon ya cika kwana 30 yana aiki, ragowar dubu 40 bayan ya gama watanni uku na gwaji an tabbatar da shi. Ka rubuta cewa kowane kashi yana fita ne tare da albashin watan da sharaɗin ya cika. Ga lissafin a aikace: sabon sitokifa ya fara aiki 10 ga Maris, kwana 30 sun cika 9 ga Afrilu, kenan dubu 20 za ta shigo da albashin Afrilu, ba na Maris ba. Gwaji ya ƙare 10 ga Yuni, dubu 40 ta shigo da albashin Yuni. Ka saka irin wannan misalin a cikin sanarwar kanta, yana rage maka "oga ya maganar kuɗin nan" da ake yi a bakin masallaci bayan azahar.

Ga kuma maganar haraji da na ce za mu zo kanta. Kuɗin da kamfani ya ba ma'aikacinsa a matsayin bonas yana shiga cikin abin da ake cire wa harajin albashi, wato PAYE, shi ya sa ya fi kyau ya bi ta takardar albashi, ba a ba shi a ambulan ba. Amma ka faɗa tun farko. Idan mutum yana matakin da ake cire kashi 15, dubu 40 ɗin nan dubu 34 zai gani, kuma wallahi wannan dubu 6 ɗin sai ta fi dubu 34 ɗin tsaya masa a rai in ba a gaya masa ba, zai ce akanta ne ya yanke. Ko dai ka rubuta "kafin haraji", ko kamfani ya ɗauki nauyin harajin ka rubuta "wannan shi ne abin da zai shiga asusunka". Ka zaɓi ɗaya ka rubuta.

Ta biyu, wa ya cancanta wa bai cancanta ba. Duk wanda ke da hannu a yanke hukuncin ɗauka ba ya cin tukwici: kai manaja, mai kula da harkar ma'aikata, duk wanda zai zauna a intabiyu, da wanda sabon zai yi aiki a ƙarƙashinsa kai tsaye. Suna iya kawo suna, amma ba kuɗi. Sauran kowa ya shiga, har maigadi da masu shara da direbobi, kuma ka ambace su da baki don in ba ka ambata ba za su ɗauka na 'yan ofis ne, alhali direban da kullum yake yawo sito-sito yana sauke kaya ya fi kowa sanin wane sitokifa ne ba ya wasa da ƙirge. Ka kuma rubuta cewa sai mai kawowa yana nan a kamfani ranar biya. Wanda ya ajiye aiki a watan Mayu ba zai karɓi kason Yuni ba. Wasu kamfanonin suna biya duk da haka, ba laifi, amma dai a rubuta.

Ta uku, wane irin mutum ne ba a lissafa shi a matsayin wanda aka kawo. Wanda ya riga ya turo takardunsa da kansa cikin watanni shida da suka wuce, da wanda ya taɓa aiki da mu, da wanda yake mana aikin wucin gadi yanzu, waɗannan kamfani ya riga ya san su. Sai maganar 'yan uwa, wadda a wajenmu ba a kauce mata. Hana kawo ɗan uwa gaba ɗaya ba zai yi aiki ba, za a kawo shi ne a ce aboki ne. Abin da ya fi shi ne a ce a bayyana alaƙar a fom, sannan ka ware inda ba za a yarda ba. A aikin sito dalilin a fili yake: sitokifa shi ke sa hannu cewa direba ya kawo katan 500, kashiya ta karɓi kuɗin abin da ya fitar, odita ya ƙirga abin da ya rage, in biyu daga cikin waɗannan wa da ƙani ne to babu mai duba wani. Ka rubuta dalilin a layi ɗaya, mutane sun fi karɓar doka in sun ga hujjarta.

Ta huɗu, in mutum biyu suka kawo mutum ɗaya. Wannan ita ce ta kama ni. Abin da ya faru, direbanmu ya yi min maganar yaron a bakin get ranar Litinin, da baki, ni ma na ce to madalla ya turo shi. Kashiya kuma ta turo min takardunsa ranar Laraba. Da aka ɗauke shi, direba ya ce shi ya fara faɗa, kuma gaskiya ne, kashiya ta ce ita ke da shaida, ita ma gaskiya ne. Ƙarshe raba musu na yi kowa ya tafi yana ƙunƙuni. Yanzu ƙa'idata ɗaya ce: ƙofa ɗaya ake shigowa, fom, kuma wanda fom ɗinsa cikakke ya fara shiga shi ke da shi. Maganar baki ba ta cikin lissafi ko da ni aka faɗa wa. In kuna amfani da Google Forms, shi da kansa yake rubuta rana da lokacin da aka tura, ba gardama. Masu ƙaramar waya kuma a ajiye musu fom na takarda a wajen sakatare, a rubuta rana da ƙarfe nawa a gabansu, su sa hannu. Sannan a tambayi mai neman aikin shi ma wa ya turo shi, in amsarsa ta saɓa da fom sai a bincika kafin a ɗauka.

Mataki na huɗu, abubuwa uku da dole ka faɗa ƙarara

A wajenmu in aka ce "ka kawo mutum", abin da kunne ke ji shi ne alfarma, wato an ba ka gurbi. Ma'aikaci zai je gida ya ce an ba ni kujera ɗaya a wajen aikinmu, iyaye su yi ta sa albarka, sai yaro ya faɗi gwajin Excel, a bar mai kawowa da jin kunya a dangi, shi kuma ya riƙe ka a zuci. Don haka ka rubuta cewa kawowa ba ɗauka ba ce, abin da kawai aka yi alkawari shi ne za a duba takardun kowa kuma za a ba da amsa, gwaji da intabiyu iri ɗaya ne ga kowa.

Na biyu, mai kawowa ba garanto ba ne. Mutane da yawa na kirki suna ƙin kawo kowa don tsoron in kaya suka ɓace a sito za a zo a cire a albashinsu. Ka cire musu wannan tsoron: garanto takarda ce daban da sabon ma'aikaci zai kawo, abin da mai kawowa zai rasa in abu bai yi kyau ba shi ne ragowar tukwici, shi ke nan. Kuma kuɗin da aka riga aka biya shi ba za a karɓe ba.

Na uku, ba a karɓar ko sisi daga hannun mai neman aiki, ba kuɗin fom, ba na goro, ba "in an ɗauke ka albashin farko rabi nawa ne". Yana faruwa, kuma yadda ake ganewa shi ne a tambayi mai neman aikin shi kaɗai a intabiyu, cikin raha, ko wani ya nemi wani abu a wajensa. Ka rubuta hukuncin a sanarwa. A nan kuma ka haɗa da maganar izini: kar wanda ya turo takardu ko lambar wani sai da saninsa. Ban da cewa Najeriya na da dokar kare bayanan mutane ta 2023, akwai matsala ta zahiri, ka kira mutum yana tsaye kusa da ogansa na yanzu kana cewa an ce yana neman aiki.

Mataki na biyar, haɗa saƙon

Kar ya yi tsawon da sai an danna "Read more" sau uku. Saƙo gajere a guruf, cikakkiyar ƙa'ida a takarda ɗaya a manna a allon sanarwa. Ga yadda nawa yake fita:

"Assalamu alaikum abokan aiki, barkanmu da warhaka. Muna neman sitokifa guda ɗaya a siton Sharaɗa, kuma kafin mu fitar da talla waje mun fi so ku fara kawo mana wanda kuka san aikinsa. Aikin: karɓar kaya da ƙirga su da wayabil, fitar da kaya da takarda, shigar da lissafi a Excel kullum, Litinin zuwa Asabar, wani lokaci a kai dare in mota ta makara. Dole: ND ko sama, shekara biyu a aikin sito, iya Excel, za a gwada shi a kwamfuta. Albashi dubu 140 zuwa dubu 170 kafin haraji da fansho. Tukwicin wanda ya kawo wanda aka ɗauka dubu 60 ne kafin haraji, dubu 20 bayan kwana 30, dubu 40 bayan wata uku na gwaji, ana biya tare da albashi. Kowa na iya cin tukwicin har direbobi da masu gadi, ban da mu masu intabiyu. Ta fom kawai ake kawowa, wanda ya fara cikewa shi ke da shi, maganar baki ba ta ciki. Ku nemi izinin mutum kafin ku ba da sunansa, in ɗan uwa ne ku rubuta. Kawowa ba alkawarin ɗauka ba ne, kuma ba ku zama garanto ba. Ba a karɓar kuɗi a hannun kowa. Za a rufe ranar Juma'a ta sama ƙarfe 4 na yamma. Cikakken bayani na allon sanarwa, mai tambaya ya same ni. Na gode, Allah ya yi mana jagora."

A naka ka sa kwanan wata na gaske a wajen ranar rufewa, "Juma'a ta sama" tana rikita mutane in sun karanta bayan kwana uku. Kwana goma zuwa sati biyu ya isa. Ka kuma yi saƙon murya na minti biyu ka karanta shi, don akwai masu lodi da ba za su karanta dogon rubutu ba, amma ka ce abin da ke rubuce shi ne hujja.

A fom ɗin kar ka tsaya a suna da lamba. Ka sa tambaya biyu: a ina ka san shi, kuma ka taɓa ganin aikinsa da idonka? Amsar "mun yi shekara biyu ina kai kaya sitonsu, bai taɓa sa hannu bai ƙirga ba" daban take da "ɗan unguwarmu ne, yana da ladabi", kuma daga nan kaɗai za ka san takardun wa za ka fara buɗewa.

Bayan an tura

Ka buɗe shafi ɗaya a Excel: sunan mai neman aiki, wanda ya kawo shi, rana da lokaci, inda aka kwana, ranar fara aiki, ranar biyan kashi na farko da na biyu. Ranar da sabon ya kama aiki ka tura wa akanta ranakun biyun nan a rubuce, ka sa wa kanka tunatarwa a waya, kar ka bari sai mai kuɗi ya zo roƙo. Shi ma sabon ka tabbata takardar ɗaukarsa ta faɗi ranar farawa da tsawon gwaji, dokar ƙwadago ta ba da wata uku a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce, amma ni ranar farko nake bayarwa tunda lissafin tukwicin a kan wannan ranar ya rataya. In aka ƙara masa watan gwaji, ka kira wanda ya kawo shi ka ce kason ƙarshe ya matsa zuwa wata kaza, ba sai ka ba shi dalili ba, wannan tsakanin kamfani da sabon ne.

Waɗanda ba a ɗauki nasu ba kuma, su ne goma cikin sha ɗaya, kowa ka tura masa saƙo shi kaɗai ba a guruf ba: "Malam, mun gode da wanda ka kawo, mun duba, wannan karon wani muka ɗauka, mun sanar da shi da kanmu." Kamfani ne zai kira mai neman aikin ya faɗa masa, kar a bar wa wanda ya kawo shi wannan nauyin ya je ya tsaya gaban surukinsa yana kame-kame. Sannan ka koma guruf ka rubuta layi ɗaya cewa an cike gurbin an rufe fom, in ba haka ba har bayan sallah za a ci gaba da turo maka takardu.